Roba mai araha ta kawo riba, ko ɓarnar da ta biyo baya ta cinye ta?

Tambaya: Ina da ƙaramar masana'antar bokitan roba. Rahoton akanta na watan jiya ya nuna `Material price variance 40,000 F` da kuma `Material usage variance 45,000 A`. Ma'auninmu shi ne kilo 0.8 na ƙwayar roba a kowane bokiti, kilo ɗaya a kan 50. Mun tsara yin bokiti 12,000, amma 10,000 muka yi. Mun sayi kilo 10,000 a kan 46 daga wani sabon mai kawo kaya, sito kuma ya fitar da kilo 8,900. Mai yi mana sayayya yana jiran yabo, shugaban masu aikin inji kuma ya ce an zalunce shi, tunda bai ma cinye kilo 9,600 da aka ware wa watan ba. Wa ke da gaskiya, kuma in ci gaba da sayen wannan robar?

Amsa: Malam, kada ka yabi kowa tukuna, kada kuma ka yi wa kowa faɗa. Waɗannan layuka biyu ba su isa su raba maka gardama ba, amma sun nuna maka daidai inda za ka je ka duba, kuma dubawar ba za ta wuce aikin yini ɗaya ko biyu ba. Mu fara da ƙorafin shugaban masu inji, domin shi ne mafi sauƙin warwarewa.

Kilo 9,600 ɗin da yake kafa hujja da shi an ware shi ne domin bokiti 12,000. Shi kuwa 10,000 ya fitar. Abin da ake gwada shi da shi shi ne robar da ta kamata bokiti 10,000 su ci, wato 10,000 sau 0.8, kilo 8,000 ke nan. Ya karɓi 8,900 daga sito, saboda haka akwai kilo 900 da suka haura ma'auni. A nan akantanka ya yi daidai. Da ya gwada 8,900 da 9,600, da rahoton ya nuna maka an yi tsimin kilo 700 a watan da aka yi ɓarna, kuma wannan kuskure ne da ake yawan samu a ƙananan masana'antu, musamman a watan da aiki ya ja baya. Duk lokacin da ka ga an yi tsimin kaya a watan da aka rage yawan abin da ake ƙerawa, ka fara tambayar adadin da aka gina lissafin a kansa.

Ga yadda aka samo lambobin biyu:

```
bambancin farashi = (50 - 46) x 10,000 = 40,000 F
bambancin amfani  = (8,000 - 8,900) x 50 = 45,000 A
```

Harafin `F` yana nufin an kashe ƙasa da ma'auni, `A` kuma an kashe fiye da shi. Wasu manhajoji suna rubuta `U` a madadin `A`, ma'anar ɗaya ce. Ka riƙe cewa haruffan suna faɗa maka ɓangaren da lambar ta karkata ne kawai. Ba su ce wani ya yi aikin kirki ko ya yi sakaci ba.

Ka lura cewa an yi wa kilo 900 ɗin kuɗi a kan 50, alhali a kan 46 aka saye su. Da gangan ake yin haka. Mai aikin inji ba shi ya je ciniki ba, don haka ba a son hawa da saukar farashi su shiga cikin lambar da ake auna shi da ita. Idan ana ninkawa da farashin ma'auni kowane wata, za ka iya jera wata da wata ka ga ko ɓarna tana ƙaruwa ko tana raguwa, ba tare da kasuwa ta ruɗa ka ba.

Yanzu ga abin da na fi so ka gane, domin a nan mutane da yawa suke ɓata lissafinsu. Idan ka cire 40,000 daga 45,000, za ka ce asarar watan 5,000 ce kacal, ka share zancen. Amma lambobin biyu ba a kan kaya ɗaya aka gina su ba. Ta farko an gina ta a kan kilo 10,000 da aka saya, ta biyu a kan kilo 8,900 da aka fitar. Akwai kilo 1,100 da har yanzu suke kwance a sito, kuma an riga an rubuta musu ribarsu ta 4,400 a wannan watan, alhali ba a narka ko ƙwaya ɗaya daga cikinsu ba, balle a ga ɓarnar da za su jawo. Akanta bai yi laifi ba da ya lissafa bambancin farashi tun lokacin saye. Hanya ce karɓaɓɓiya, tana sa a ga sakamakon ciniki da wuri, kuma tana ba da damar a rubuta duk kayan sito a kan farashin ma'auni. Sai dai kai da kake son sanin ko watan ya yi kyau, dole ka mayar da su kan ƙafa ɗaya.

Yi haka: kilo 8,900 a kan 46 ya kama 409,400. Bokiti 10,000 a ma'auni kuwa 400,000 ya kamata su ci, tunda kowane ɗaya 40 ne. Tazarar 9,400 ce, kusan ninki biyu na abin da ragi na farko ya ba ka. Ko ka duba ta bokiti ɗaya, wanda ni na fi so domin kowa a masana'anta yana gane shi: kowane bokiti ya ci kilo 0.89 a kan 46, wato 40.94 maimakon 40. Farashi ya sauka da kashi 8 cikin ɗari, cin kaya ya hau da kashi 11 da ɗan ɗoriya. A kan farashin 46, iyakar abin da bokiti zai ci ka tashi ba riba ba asara shi ne wajen kilo 0.87. Riƙe wannan lambar, za mu dawo gare ta.

Idan aka tsaya a nan, hukuncin a bayyane yake: araha ba ta ado, a koma wa tsohon mai kawo kaya. Mai yiwuwa haka ne. Amma ban yarda ka yanke wannan hukunci ba kafin ka fasa kilo 900 ɗin nan ka ga abin da ke cikinsu, domin lamba ce guda da ta tattara abubuwa daban-daban, kuma ba duka ne laifin sabuwar roba ba.

Roba da ta fita daga sito wurare kaɗan ne za ta iya zuwa. Ko ta shiga jikin bokitin da aka sayar, ko ta tafi a tarkace da bokitan da suka lalace, ko tana nan a gindin inji ba a taɓa ta ba, ko kuma ta fita daga masana'antar ta hanyar da ba a rubuta ba. Aikinka shi ne ka bi su ɗaya bayan ɗaya da sikeli da takarda. Tunda ban ga littattafanka ba, zan ɗauki lambobi na misali domin ka ga yadda ake bin sawun, kai kuma ka sa naka a gurbinsu.

Fara da ma'aunin kansa. Kilo 0.8 da wuya ya zama nauyin bokitin da aka gama. Yawanci ana ɗora masa asarar da ba makawa, irin robar da ake zubarwa wajen wanke bututun inji idan za a sauya launi, da gefen da ake yankewa, da bokitan farko da ke fitowa kafin mazubi ya ɗauki zafi. A ce bokitinka kilo 0.76 ne, aka ƙara kashi 5 cikin ɗari na abin da ake zubawa a matsayin asarar yau da kullum, shi ya ba da 0.8. To a cikin kilo 8,000 na ma'auni, 7,600 na jikin bokitai ne, 400 kuma tarkacen da aka riga aka yafe. Idan ba wanda ya san yadda aka haɗa 0.8 ɗin a masana'antarka, wannan shi ne gyara na farko, domin ba za ka san ɓarna ta wuce kima ba sai ka san nawa ce kimar.

Daga nan ka je gindin inji ka tambayi abin da ke wurin a daren ƙarshe na watan. A ce buhu shida masu kilo 25 aka ɗauko da yamma domin aikin dare, wata ya ƙare ba a kwance bakinsu ba, ba kuma wanda ya cike takardar mayar da kaya sito. Kilo 150 ke nan. A takarda an cinye su, a zahiri suna jingine da bango. Wannan ba ɓarna ba ce ko kaɗan, kuma alamarta ita ce wata mai zuwa za ka ga an yi tsimin da ba a san dalilinsa ba, domin za a ƙera bokitai da robar da aka riga aka caje wa watan baya. Duk masana'antar da bambancin amfaninta yake tsalle, wannan wata `A` wancan wata `F`, kuma idan aka haɗa watanni uku sai su kusa kashe juna, galibi matsalarta ƙirgar ƙarshen wata ce. Ana gyara ta da ƙirga abin da ke filin aiki a rana ɗaya da ƙirgar sito, da kuma kula da bokitan da aka zuba amma ba a sa musu mariƙi ba, don su ma sun ci robarsu ko da ba a shigar da su cikin waɗanda aka gama ba.

Saura kilo 750. Sai ka buɗe littafin tarkace, in kuna da shi. A ce ya nuna kilo 850 maimakon 400 da ma'auni ya yarda. Ƙarin 450 ke nan. Kada ka tsaya a jimlar, ka duba ranakun. Idan tarkacen ya yi tsalle daga ranar da aka fara zuba sabuwar roba, kuma duk injinan da suka taɓa ta sun nuna haka, da masu aikin rana da na dare, to robar ce. Idan kuwa inji ɗaya ne kawai, ko tawagar dare ce kawai, ko ya fara tun kafin sabon kaya ya iso, to ka nemi dalilin a wani wuri: mazubi ya ci, na'urar zafi ta fara wasa, an kawo sabon ma'aikaci da bai ƙware ba, ko wuta ta yi ta ɗaukewa roba tana daskarewa a bututu ana wankewa. Ka kuma ɗauki lalatattun bokitan a hannu ka duba. Wanda bakinsa bai cika ba yana nuna robar ba ta gudana sosai a cikin mazubi, ko zafi da matsin inji ba su dace da ita ba. Zane-zane masu kama da azurfa a jiki galibi danshi ne. Ɗigon baƙi kuma datti ne ko roba da ta ƙone. Mai aikin inji da ya daɗe zai gaya maka wannan cikin minti biyar in ka tambaye shi da niyyar sani, ba da niyyar kama shi ba.

Wani abu da ke ruɗa lissafi a sana'arku musamman shi ne niƙa tarkace a mayar da shi inji. Idan kuna yin haka, tarkacen da aka niƙa bai ɓace ba, kaya ne mai daraja. Idan an tara buhunan niƙaƙƙiyar roba a gefe ba a ƙirga su ba, rahoton zai ɗauka an yi asararsu baki ɗaya. Ka tabbata 850 ɗin da kake dubawa shi ne abin da ba zai koma inji ba, ko kuma a rubuta wanda zai koma a matsayin kaya.

Saura kilo 300, kuma su ne suka fi jan hankalina. Ɗebo bokiti hamsin daga cikin na watan jiya, daga ranaku daban-daban, ka ɗora su a sikeli. A ce matsakaicin nauyinsu ya fito kilo 0.79 maimakon 0.76. Giram 30 ne a kowane bokiti. Ba wanda zai ji shi a hannu, mai saye ba zai biya ko kwabo a kansa ba, ba kuma zai taɓa bayyana a littafin tarkace ba domin bokitin lafiyarsa lau. Amma sau 10,000 ya zama kilo 300, wato 15,000 a farashin ma'auni, kyauta ka bayar ba ka sani ba. Haɗa su ka gani: 7,900 a jikin bokitai, 850 a tarkace, 150 a gindin inji, jimla 8,900. Lissafi ya rufe. Da a ce bayan duk wannan an bar wasu kilo da ba a san inda suka shiga ba, a lokacin ne za ka fara duba ko buhunan suna zuwa da cikakken nauyin da aka rubuta a jikinsu, sannan ka duba ko kaya na fita ta bayan gida. Na sa zancen sata a ƙarshe da gangan. Masu masana'anta da yawa da shi suke farawa, su ɓata tsakaninsu da ma'aikata a kan abin da sikeli zai warware.

To me wannan rarrabewar ta canja? Cire kilo 150 da ba a taɓa ba, ainihin abin da aka ci ya zama 8,750, wato 0.875 a bokiti. Sau 46 ya ba da 40.25. Har yanzu ya ɗara 40, amma da ƙyar. Yanzu hukuncin gaba ɗaya ya rataya a kan giram 30 ɗin nan. Akwai yiwuwar sabuwar robar ce ta jawo su: masu inji sun ga bokitai na fitowa ba su cika ba, sai suka ƙara yawan abin da inji ke turawa da matsinsa domin su tsira, bokiti ya yi nauyi. Idan haka ne, duk kilo 750 na wuyan robar, kuma ba ta biya kuɗin kanta ba. Akwai kuma yiwuwar nauyin ya daɗe da hawa, tun zamanin tsohuwar roba, saboda saitin inji ya goce ko mazubi ya saki, ba wanda ya auna. Idan haka ne, kilo 450 kawai za a ɗora wa sabuwar roba. Cin bokiti ya zama 0.845, ƙasa da iyakar 0.87 da na ce ka riƙe, kuɗinsa kuma 38.87. Ka ga a nan robar mai araha ta ci riba duk da ƙarin tarkacenta, mai sayayyarka ya yi gaskiya, gyaran kuma yana wajen inji.

Rahoto ɗaya, lambobi ɗaya, amma hukunci biyu masu karo da juna, kuma abin da zai raba su gwaji ne mai sauƙi. In akwai ragowar bokitan da aka yi watanni biyu da suka wuce, auna su. In babu, samo buhu kaɗan na tsohuwar robar, a zuba a inji ɗaya da mazubi ɗaya da ma'aikaci ɗaya na tsawon zubi guda, a mayar da saitin yadda yake a da, a auna nauyi a ƙirga lalatattu, sannan a maimaita da sabuwar. Na fi amincewa da sakamakon wannan gwajin fiye da duk wani taro da za ka kira a zauna ana musu.

Mu koma kan 40,000 ɗin mai sayayya, domin ita ma tana da tambayoyinta. An gwada 46 ne da 50, to yaushe aka sa 50 ɗin? Farashin ƙwayar roba yana motsi da kasuwar man fetur da iskar gas da ake samo ta daga gare su, saboda haka ma'aunin da aka sa wata goma da suka wuce zai iya zama tsohon labari. A ce a watan jiya kowa yana iya samun roba mai ingancin taku ta da a kan 45. To kasuwa ce ta ba ku 5 a kowane kilo, wato 50,000, mai sayayya kuma ya biya 1 fiye da kasuwa, 10,000 ke nan a kansa, kuma a kan kaya mafi rauni. Jimlar dai 40,000 ce mai harafin `F`, amma labarin ya juye. Haka in kasuwa ta hau zuwa 55 ya samo a kan 52, rahoto zai nuna `A` alhali ya yi ƙoƙari. Shi ya sa masu wannan aiki suke raba bambancin gida biyu, wanda ya fito daga tsufan ma'auni da wanda ya fito daga aikin mutum. Ba ka bukatar wata manhaja domin wannan. Ka sa a riƙa ajiye farashin da masu kawo kaya biyu ko uku suka bayar a rubuce kowane wata, a kan roba iri ɗaya, shi ke nan ka sami abin gwadawa.

Sannan ka tabbata 46 da 50 abu ɗaya suke aunawa. Idan 50 ya haɗa da kuɗin mota da sauke kaya har ƙofar sito, 46 kuwa farashin wurin mai kaya ne, kuɗin dakon ya tafi wani shafi na littafin akanta, to wani ɓangare na ribar nan ƙaura kawai ya yi. Duba kuma sharaɗin biya: tsohon mai kawo kaya wataƙila yana ɗaga maka ƙafa na kwana talatin, sabon kuma kuɗi hannu yake karɓa. Tambaya ta ƙarshe a nan ita ce dalilin sayen kilo 10,000 a watan da ko cikakken shirinku na bokiti 12,000 bai wuce 9,600 ba. Idan sai da aka cika wannan adadin aka sami ragin, to an ɗaure kuɗi a sito domin lambar ta yi kyau. Wannan ita ce illar auna mai sayayya da bambancin farashi shi kaɗai: kana koya masa ya sayi mai yawa kuma mai araha, ɓarnar ta faɗa a shafin wani. Ni a ganina ɓarnar da aka tabbatar daga ingancin kaya ta fito, a shafin sayayya ya kamata a rubuta ta, ko da a gefen rahoto ne da biro, domin wanda ya zaɓi kayan ya ga cikakken sakamakon zaɓinsa.

Akwai kuma abin da layukan nan biyu ba sa gani sam. Kowane bokiti da ya lalace ya ci lokacin inji, ya ci wuta, ya ci aikin mutum. Kun tsara 12,000 kuka yi 10,000. Ka binciki dalilin. Idan oda ce ta ragu, babu ruwan roba. Idan kuwa tsayawar inji da wanke-wanke da sake saiti ne suka cinye lokacin, ribar bokiti 2,000 da ba a yi ba ta fi duk lambobin da muke ta juyawa nauyi, kuma za ka ga inuwarta a layin bambancin lokacin ma'aikata na rahoton nan. Haka bokitin da zai tsage a hannun mai saye bayan wata biyu, ba zai fito a rahoton watan jiya ba. Cika bokiti kaɗan da ruwa, na tsohuwar roba da na sabuwa, a sake su daga tsayi ɗaya, ka ga wanne ya fi jurewa.

Game da ko lambar ta kai a tsaya a kanta: 45,000 a kan 400,000 ya haura kashi 11 cikin ɗari, wannan ya wuce a kau da kai. Nan gaba ka sa wa kanka iyaka, misali duk abin da ya wuce kashi 3 ko 5 cikin ɗari na ma'auni a bincika, gwargwadon yadda lambobinku suka saba motsi a watannin da ba matsala. Ka haɗa da sharaɗi na biyu, cewa ƙaramin bambanci da ya karkata gefe ɗaya wata uku a jere shi ma a bincika, domin irin giram 30 ɗin can a hankali yake hawa, ba ya taɓa yin tsallen da zai ja ido. Kuma `F` babba tana bukatar bincike kamar `A` babba. Bokitin da ya ci ƙasa da ma'auni sosai wataƙila ya yi siriri ne.

Abin da zan ba ka shawara ka yi a wannan makon shi ne ka dakatar da sabuwar oda daga wannan mai kawo kaya, ba tare da ka yanke hulɗa da shi ba. Kilo 1,100 da ke sito da buhu shidan gindin inji, in an same su, sun ishe ka gwajin da na bayyana. A ware su, a rubuta lambar kowane buhu a takardar fitarwa, kada a gauraya su da wata roba har a gama. Idan gwajin ya nuna cin bokiti yana tsayawa ƙasa da kilo 0.87 bayan an gyara saiti, inji bai rage gudu ba, bokitin kuma ya jure faɗuwa, ci gaba da saye, sannan ka sa akanta ya sabunta ma'aunin duka biyu, farashi da kilo, domin rahoton wata mai zuwa ya daina nuna maka bambancin da ka riga ka amince da shi. Idan kuwa ya tsaya a wajen 0.875 ko sama, koma wa mai kayan da lambobinka a hannu. A cin 0.875, sai farashi ya sauko ƙasa da 45.7 kafin ka fara ganin riba a kan roba kaɗai, kuma ka nemi ragi fiye da haka domin ya rufe lokacin inji da wutar da tarkacen ke ci.